Haƙorin da Ya Faɗi Cikin Barci

Da yawa daga cikinmu mun taɓa farkawa a firgice muna lalubar baki da harshe, bayan mun ga haƙoranmu suna zuba a tafin hannu. Haƙoran suna nan daram, amma zuciya ba ta kwanta ba, saboda tun muna yara muke jin cewa wannan mafarki sanarwar mutuwa ce a dangi.

Fassarar tana da tushe. A littafin mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin, haƙora su ne mutanen gida: na sama maza, na ƙasa mata. Sai dai littafin ya ba da wasu fuskoki, kamar tsawon rai da biyan bashi. Mu ne muka ɗauki mafi ban tsoro muka watsar da sauran.

Masana halayyar ɗan Adam ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Freud ya danganta mafarkin da sha'awar da aka danne, wasu suka ce tsoron tsufa ne ko na rasa iko. A 2018, wani bincike a kan ɗalibai 210 a Isra'ila ya gano cewa mafarkin ya fi tafiya tare da tsamin haƙora da muƙamuƙi bayan farkawa. Wato mai yiwuwa mai barci yana datse haƙora, ƙwaƙwalwa kuma ta mayar da abin da jiki ke ji labari. Bincike ɗaya ne, kuma ya nuna alaƙa kawai.

Me ya sa fassarar mutuwa ke yawan "tabbata"? Mu ɗauki mace mai dangi ɗari biyu, na uwa da na uba da na miji. Da wuya shekara ta wuce ba a yi rashi a cikinsu ba. Idan aka yi, sai ta tuna mafarkinta. Mafarkan da ba abin da ya biyo bayansu kuwa, ba wanda ya lissafa su.

A nan nauyin yake. Wanda ya ce mata haƙorin ƙasa ya faɗi, mahaifiyarta za ta rasu, ya ɗora mata zaman makoki alhali Inna tana raye, kuma ya yi da'awar sanin gaibu. Wanda ya yi mata dariya ya ce camfi ne, shi ma ya bar ta da tsoronta. Ai koyarwar Annabi (SAW) ta raba mafarki uku: bushara, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Mummuna kuma ana neman tsari daga gare shi, a yi tofi ta hagu sau uku, a bar yaɗa shi.

Abin da ya fi mata amfani tambayoyi ne. Muƙamuƙinki na tsami da safe? Mai gidanki na jin ƙarar haƙoranki da dare? Wa ke ranki kwanan nan? Idan na farkon ne, likitan haƙori ya kamata ta gani. Idan kuwa Inna ce a ranta, ta shirya ta je gaishe ta tun yau.